Yadda Ake Wanke Buroshin Kwalliya da Canja Maskara

'Yan'uwa mata, tambayar yadda ake wanke buroshin kwalliya da lokacin canja maskara ta yi yawa, musamman daga masu kwalliyar amare a Maradi. Ga matakan:

1. Jiƙa gashin buroshi da ruwa mai ɗumi, kansa na kallon ƙasa.
Hattara: kada ruwa ya kai ƙarfen da ke riƙe gashin, gam zai saki, gashin ya zube.
2. Ɗiga shamfun jarirai a tafin hannu.
3. Murza buroshin a hankali.
4. Ɗauraye har ruwan ya fito fes.
5. Matse shi da tawul mai tsabta.
6. Kwantar da shi ya bushe a cikin ɗaki, nesa da ƙurar hunturu. Sau ɗaya a mako ya isa, amma mai sana'a, ki wanke bayan kowace amarya.
7. Fiƙe fensirin gazal kafin ki shafa.
8. Rubuta ranar da kika buɗe maskara a jikinta.
9. Bayan wata 3, jefar da ita, haka ma gazal na ruwa.
Hattara: in ta bushe, kada ki zuba ruwa, balle yawu. Don Allah, kada ki ara wa kowa.
10. In apolo ya kama ki, zubar da kayan idon da kika taɓa.