Darasi na 7: Binciken man da mota ta sha

Takardu uku ne mai bincike ke ajewa gabansa: littafin mota da direba ke cikawa, takardun bon da aka karɓi mai da su, da faktir ɗin da gidan mai ya aiko a ƙarshen wata. Kada ka fara da faktir, fara da kilomita.

A cika tankin mota taf a ranar farko ta wata, a rubuta lambar da kontar mai ƙirga kilomita ke nunawa. A sake cika shi a ranar ƙarshe, a sake rubutawa. Idan ba a yi haka ba, man da ya kwana a tanki zai ɓata lissafin. Litocin da ake ƙirgawa su ne duk waɗanda aka zuba bayan cikon farko, har da cikon ƙarshe. Lissafin shi ne:

lita ÷ kilomita × 100

A ce wata ƙungiya a Maraɗi tana da Hilux mai shan gazuwal, tankinta na ɗaukar lita 80, tana zirga-zirga tsakanin Tasawa da Dakoro. Kontar ya tashi daga 84,200 zuwa 86,700, wato kilomita 2,500. Faktir ya ce lita 400. Raba 400 da 2,500, ka ninka da 100, za ka samu lita 16 a kowace kilomita 100. A watannin baya motar ba ta wuce 12 ba, ke nan lita 300 ya kamata ta sha. Ina sauran 100?

Nan ne aikin yake. Ɗauki bon ɗaya bayan ɗaya, ka nemi kwanan watansa a littafin mota, sannan ka nemi lambarsa a faktir. Ga bon na lita 40 a ranar da littafi ya nuna motar tana garaji, kontar bai motsa ba. Ga bon na lita 45 da lambarsa ta fito sau biyu a faktir. Wannan daga gidan mai ne, direba ba ruwansa. Ga kuma na lita 95, alhali tankin 80 yake ɗauka, don haka aƙalla 15 sun shiga jarka ko wata motar. Lita 100 sun cika.

Idan takardun sun yi daidai amma shan man ya hau, kada a yi saurin tuhumar direba. Tafiya cikin rairayi da giyar ƙarfi tana cin mai, haka ma matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko barin inji yana aiki a tsaye saboda sanyi. Irin wannan yakan ƙara ƴan litoci ne, kuma makanike zai iya tabbatarwa.

A kula da lambar kontar ma: ta tashin yau dole ta zama ta saukar jiya. Giɓi tsakaninsu tafiya ce da ba a rubuta ba, sai a tambayi wanda makullin ya kwana hannunsa.