Darasi na Tara: Shirin da Ake Yi Kafin Waya Ta Ɓata

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi. Da ya sayi wayarsa, yaron shagon waya ne ya buɗe masa Gmail da WhatsApp. Yaron ne ya zaɓi kalmar sirri, da aka nemi lambar dawo da asusu kuma ya sa tasa. Bayan an yi shekaru aka zare wayar a kasuwa. Mai hatsi ya sayi sabuwa, amma bai san kalmar sirrinsa ba. Google ya ce ya tura lambobin tabbatarwa zuwa wani layi, aka duba sai ga shi layin yaron nan ne, wanda ya daɗe da barin garin. Lambobin abokan ciniki da hotunan rasit duk suna ciki, babu hanyar shiga.

Kamfani bai san fuskarka ba. Abin da ya sani shi ne lambar waya da imel ɗin da aka ba shi tun farko. Wanda ke riƙe da su, a wurin kamfani shi ne mai asusun.

Wa ke riƙe da naka?

Ka shiga myaccount.google.com, ka taɓa Security, ka nemo Recovery phone da Recovery email. Ka karanta abin da ke rubuce a hankali. In lambar ba taka ba ce, ka sauya ta yau, da layin da aka yi wa rajista da sunanka, domin shi ne kamfanin layi zai dawo maka da shi in ya ɓata.

A wurin imel ɗin ne mutane suka fi yin kuskure. Wasu sukan buɗe imel na biyu a cikin wayar nan ɗaya su sa shi, ba su haddace kalmar sirrinsa ba. Wannan kamar ka kulle ɗaki ne ka bar makullin ajiya a ciki. Ya fi kyau ka sa imel na wani amintacce, matarka ko mijinki ko babban ɗa, wanda yake buɗe imel ɗinsa a kai a kai. Sai dai ka sani, wanda ka sa zai iya karɓar lambobin shiga asusunka. Saboda haka ba wurin kara ba ne. Ka zaɓi wanda za ka iya ba ajiyar kuɗi.

A da Facebook yana da tsarin da ake kira Trusted contacts, inda mutum ke zaɓar abokai su taimaka masa in an kulle shi a waje. An daina shi. Wanda ya dogara da wannan, ya koma ya duba lamba da imel ɗin da ke asusunsa.

Lambobi shida na WhatsApp

Ɓarawon da ya samu layinka zai iya sa shi a wata waya, ya buɗe WhatsApp da sunanka, ya shiga roƙon 'yan uwanka kuɗi. Abin da ke tare shi shi ne lambar sirri. Ka taɓa Settings, sai Account, sai Two-step verification. Ka zaɓi lambobi 6, ban da shekarar haihuwa, ban da 123456. Za a nemi imel, kada ka tsallake. Wanda ya manta lambar kuma bai sa imel ba, sai ya jira kwana 7 kafin ya iya sake ta. Ka rubuta lambar a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin rigar waya ba.

Saƙon gargaɗi

A Facebook, ka shiga Accounts Center, sai Password and security, ka kunna Login alerts. Daga nan duk sanda aka shiga asusunka daga wayar da ba a saba ba, za a sanar da kai. Sunan garin da ake nunawa yakan yi kuskure. Kana Katsina a ce Legas, saboda yadda layin intanet ke bi. Ka fi duba irin wayar da lokacin. In Tecno gare ka aka ce an shiga da kwamfuta ƙarfe 2 na dare, ba kai ba ne. Ka fitar da waccan na'urar a Where you're logged in, ka sauya kalmar sirri nan take.

'Yan damfara ma suna turo gargaɗin ƙarya da mahaɗi a ciki. Kada ka taɓa shi. Ka buɗe manhajar da kanka ka duba.

Aikin aji

Kowa ya fito da wayarsa ya buɗe Recovery phone. Ya rubuta lambobi biyu na ƙarshe da ya gani a littafinsa, ya faɗa wa malami ko layin wane ne. Ba a faɗin kalmar sirri a aji, ko ga malami.