Yoyon haske, layin mahaɗa da dabbare-dabbare: kurakuran da aka fi yi wajen gasa taswirar haske

Ka gina ɗaki a injin haɗa wasannin kwamfuta, ka danna `Generate Lighting` a Unity ko `Build Lighting Only` a Unreal, ka jira har gashin, wato lissafin hasken, ya ƙare. Da ka duba, sai ga wani siririn haske kwance a gindin bango, a kusurwar da ko taga babu. Yawancin mutane nan take sai su rage ƙarfin rana, ko su ƙara yawan ɗigon taswirar haske su sake gasawa. Ni ma na ɓata dare guda a kan haka, alhali matsalar tana jikin ginin.

Taswirar haske hoto ce da aka lissafa tun da wuri, aka shimfiɗa a kan abubuwan da ba sa motsi. Kowane ɗigo a cikinta, wato teksal, yana rufe wani yanki na ƙasa ko bango, kuma haske iri ɗaya tak yake ɗauka. Idan ka riƙe wannan, kusan duk lahanin da za ka gani zai bayyana maka kansa.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4. Kaurin bangonsa santimita 5 ne, ƙasan kuma faranti guda ne da ya ratsa ta ƙarƙashin bango ya fita waje. An sa `Lightmap Resolution` na Unity a kan 10, ke nan teksal 10 a kowace mita, kowanne faɗinsa santimita 10. To, teksal ɗin da bango ya zauna a kansa ya fi bangon faɗi. Wani ɓangarensa yana waje cikin rana, wani yana cikin ɗaki. Da ya ɗauki hasken waje, shi ke nan, ya shigo da shi ciki. Sannan lokacin nunawa, injin yana gauraya teksal huɗu maƙwabta don kada a ga gefunansu, sai hasken ya ƙara bazuwa. Idan kuma aka juya, waje duhu ciki haske, baƙin layi za ka gani a gindin bangon.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaga lambar daga 10 zuwa 40. Layin zai sirance, amma duba kuɗin da ka biya. Ƙasan ɗakin mita 24 ne a murabba'i, da yana cin teksal 2,400, yanzu ya koma 38,400. Ninki 16 ke nan, a lokacin gashi da kuma wurin ajiya, kuma yoyon yana iya saura. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne ka yanke ƙasan ciki daidai inda bango ya fara, ƙasan waje ya zama wani abu daban, don kada teksal ɗaya ya san rana da inuwa a lokaci guda. Sannan ka ba bangon kauri. Ni nakan so kaurinsa ya kai teksal biyu zuwa uku, a wannan misali santimita 20 zuwa 30. Ka kuma matso da kyamara sosai ka duba inda bango ya haɗu da rufi, domin ɗan gibin da ido ba ya gani daga nesa ya ishi rana shigowa.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure, wato bango ko rufi da aka yi da fuska ɗaya kawai. Daga ciki ka ga bango, daga waje babu komai. Hasken da ya bugi bayan irin wannan fuska yana rikita lissafi, sai injin ya ɗauki teksal ɗin wurin a matsayin marasa inganci. A Unity, yanayin kallo na `Texel Validity` yana nuna su da ja. Za ka iya kunna `Double Sided Global Illumination` a kan kayan shafen bangon, ko ka sa `Cast Shadows` a kan `Two Sided`, amma na fi amincewa da rufaffen bango mai kauri, ko a ɗora wa ɗakin wani akwati daga waje ya tare rana.

Yanzu layin mahaɗa. Taswirar haske tana buƙatar nata shimfiɗin UV, wato yadda aka buɗe fuskokin abu aka shimfiɗa su a kan hoto, daban da na launi. A UV na launi ba laifi ba ne ka ɗora fuskoki a kan juna don su raba hoto ɗaya, amma a na haske haramun ne, saboda fuskar da ke rana da wadda ke inuwa za su yi rigima a kan teksal ɗaya. Alamarsa ita ce inuwar da ba ta da mai ita, kwance a wurin da babu abin da ya tare haske. Unreal yana faɗa maka a saƙonnin bayan gashi cewa UV sun hau juna, Unity kuma yana da kallon `UV Overlap`.

Ko da ba su hau juna ba, tazara tsakanin tsibiran UV, wato guntayen da aka yanka aka shimfiɗa, tana da muhimmanci, kuma da teksal ake auna ta. Mutum yakan shimfiɗa UV a manhajar Blender, ya ga tazarar ta yi kyau a babban allo, ya manta cewa abin nan taswira mai 64 a 64 kawai zai samu. A wannan girma teksal ɗaya shi ne 1/64, kusan 0.016 na faɗin UV. In kana son teksal biyu tsakanin tsibirai, sai tazarar ta kai kusan 0.031. Idan ka bar 0.005, ko rabin teksal bai kai ba, duhun wannan tsibiri zai tsallaka gefen wancan. A Unity, idan `Generate Lightmap UVs` ka kunna, `Pack Margin` ne ke riƙe da wannan tazara. Kada ka rikita shi da `Lightmap Padding`, wanda ke raba abubuwa daban-daban a cikin taswirar.

Inda haske ke sauyawa kwatsam nan ya kamata a yanke UV, kamar kusurwar bango. Idan ka yanke a tsakiyar fili mai santsi, ko a jikin ginshiƙi mai zagaye, gefunan biyu za a lissafa su daban, layi ya fito. `Stitch Seams` na Unity yana rage wannan a cikin abu guda, amma ba ya ɗinke bango biyu da aka jera gefe da gefe. Dogon bango da aka haɗa da guntaye goma zai iya nuna mahaɗa tara. In ya dame ka, haɗe su su zama ɗaya.

Dabbare-dabbare kuwa asalinsa daban ne. Injin yana harba haskoki daga kowane teksal ta fuskoki barkatai, ya ɗauki matsakaicin abin da suka samo. A ɗakinmu mai ƙaramar taga ɗaya, kaɗan ne daga cikinsu ke dacewa da tagar. Wannan teksal ya dace, maƙwabcinsa bai dace ba, sai bangon ya yi ɗigo-ɗigo. Na'urar tace ɗigon sai ta shafe su su zama manyan tabo kamar gajimare. A Unity, kafin ka taɓa komai, mayar da `Filtering` zuwa `None` ka sake gasawa. Idan ɗanyen sakamakon ya cika ɗigo, haskoki ne suka yi kaɗan, sai ka ƙara `Indirect Samples` da `Environment Samples`. Ka sani cewa rage ɗigon da rabi yana buƙatar ninka haskokin sau huɗu, daga 512 zuwa 2048. A Unreal, kada ka yanke hukunci da gashin `Preview`. Ka kewaye wurin wasan da `Lightmass Importance Volume`, ka sa `Lightmass Portal` a bakin tagar don haskokin su nufi inda hasken sama ke shigowa.

Idan kuma tabon ya fito murabba'i-murabba'i, da ɗan sauyin launi a inda haske ke dusashewa a hankali, ka zargi matse taswirar da injin ke yi don rage wurin ajiyar da take ci. Kashe matsin ka sake dubawa. In tabon ya ɓace, ba sai ka ƙara haskoki ko ɗaya ba, sai dai ka ɗaga ingancin matsin, ko ka bar wannan taswirar ba matsi idan wurin ajiya zai ɗauka.