Kafin ka kunna kyamara, leƙa wurin bincike

'Yan uwa masu ɗora bidiyo a YouTube, ga wata dabara da na gano bayan na sha wuya. Bara na yi bidiyon yawo a kasuwar Sabon Gari, kwana uku ina gyara, masu kallo ba su kai cikin cokali ba. Ashe ba wanda ke neman abin.

Yanzu sai in buɗe YouTube a shafin Incognito, wato shafin burauza da ba ya ajiye tarihin bincike, don kada tsohon bincikena ya ruɗe ni, in rubuta "yadda ake" in dakata. Jerin da zai sauko, abin da mutane ke rubutawa ne da hannunsu. In ƙara harafi ɗaya, misali "yadda ake d", a nan na ga dambu, na ɗauke shi. Ku gwada da "yanda ake" ma, domin da yawa haka suke rubutawa, kuma ba sa sa ƙugiya.

In ina shakka tsakanin batutuwa biyu, sai in gwada su a Google Trends, shafin Google mai nuna yadda ake neman abu, in zaɓi Nigeria da YouTube Search. Lambobinsa daga 0 zuwa 100 kwatance ne kawai, ba yawan mutane ba. Kalmomin Hausa kuwa sau da yawa zai ce bayanai ba su isa ba, sai ku koma kan jerin farko.