Yadda ake karanta rubutun da ninki ko salatif ya yanke a tsohuwar wasiƙa

Ga masu fama da tsofaffin wasiƙun da aka ɗauka a sikana: baƙin layin da ake gani a wurin ninki sau da yawa inuwa ce kawai, tawadar tana nan a ƙarƙashinsa. Fitilar sikana tana haska takarda a karkace, saboda haka ninkin da ya kwanta daidai da fitilar shi ne ya fi yin inuwa. A juya takardar a kaikaice, a sake ɗauka da launi a kan 600 dpi, wato ɗigon hoto 600 a kowane inci, sannan a gwama hotunan biyu, domin abin da ya ɓuya a ɗaya yakan fito a ɗayan.

A wasiƙun ajami ɗigo ne ya fi salwanta. A rubutun Magaribi fa'un tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, don haka idan ninki ya ratsa harafin, "fari" da "ƙari" suna iya zama kamanni ɗaya. A nan sai a nemi inda marubucin ya yi wannan harafi a wani layi, a duba nisan da yake ajiye ɗigonsa, a kuma auna da ma'anar jimlar.

Salatif kuwa kada a ɓamɓare shi, yana tafiya da tawada. Idan ya yi rawaya, a buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta GIMP, a ware launuka ta Colors > Components > Decompose, a duba sashen ja, inda rawayar ke dusashewa, baƙar tawada ta fito. Harafin da aka yi hasashensa a sanya shi tsakanin baka biyu wajen kwafewa.