Matakan matse ƙananan hotunan fuska da PCA

Ga amsar masu yawan tambayar yadda ake matse hotunan fuska da PCA, wato hanyar lissafi da ke rage yawan lambobin da ke bayyana hoto. Misalinmu tarin hotunan Olivetti ne: hoto 400 na mutum 40, kowanne ɗigo 64 a tsaye, 64 a kwance.

1. Daidaita hotunan, idanu su faɗa wuri ɗaya a kowanne.

Hattara: idan fuskokin sun karkace, lissafin zai koyi karkacewar maimakon kamannin mutum.

2. Miƙe kowane hoto ya zama layi ɗaya mai lamba 4096.

3. Jera layukan a teburi `X`, 400 sau 4096.

4. Fitar da matsakaiciyar fuska `m`, wato matsakaicin dukkan layukan.

5. Cire ta daga kowane hoto.

Hattara: a nan aka fi kuskure. Wanda ya tsallake, hoton tushensa na farko, wanda za a gani a mataki na 7, zai fito kusan matsakaiciyar fuskar kanta.

6. Gudanar da SVD, wato lissafin da ke warware teburin ya fitar da hotunan tushe, a kan `X - m` na mataki na 5:

```
import numpy as np
U, S, Vt = np.linalg.svd(X - m, full_matrices=False)
```

7. Mayar da layukan farko na `Vt` zuwa 64 sau 64, ka kalle su. Su ne hotunan tushe, fuskoki dishi-dishi. Na farkon galibi haske suke kamawa, na can ƙasa tabo-tabo ne kawai.

8. Riƙe 50 na farko. A ganina nan ya kamata a fara.

9. Auna kowane hoton da aka cire wa matsakaiciyar fuska a kansu, ya koma lamba 50.

10. Adana lambobin tare da hotunan tushe da matsakaiciyar fuska. Jimilla kusan lamba 229,000 ke nan maimakon 1,638,400.

11. Sake gina hoto: ninka kowane tushe da lambarsa, ka tara, ka ƙara matsakaiciyar fuska.

Idan tabarau ko gira sun dushe, ƙara tushen zuwa 100.