Darasi na Tara: Hannun Ladi

Ka fara karanta wannan labari kai kaɗai, sau biyu, har bakinka ya saba da kalmomin. Daga nan ka tara yaran gida ka karanta musu da babbar murya. Ka ajiye sabulu, da ruwa a buta, da ɗan man shafawa, da garin gawayi kusa da kai, don za ku gwada abin da Inna ta yi.

Ladi yarinya ce 'yar shekara 6. Ba ta da ƙiwa, sai dai gaggawa. Idan ta fito daga bayan gida, sai ta tsoma yatsu cikin ruwa, ta yarfe, ta goge a jikin rigarta, ta ruga wajen wasa.

Wata safiya ta tashi cikinta yana murɗawa. Kafin azahar ta zaga sau huɗu. Inna ta dinga ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan, ta kuma kai ta asibiti. Bayan kwana uku ta warware.

Ranar da ta samu sauƙi, Inna ta kira ta.

"Ladi, zo ki nuna mini yadda kike wanke hannu."

Ladi ta tsoma, ta yarfe, ta miƙa hannu tana murmushi. "Ga shi, Inna, fes! Babu datti ko kaɗan."

"Idonki ne bai gani ba," in ji Inna. "Akwai wasu halittu da ake kira ƙwayoyin cuta. Sun fi ƙwayar yashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai da madubin likita ake ganinsu. Suna da yawa a cikin kashi. Idan suka hau hannu, hannu ya kai su baki, su sauka ciki, sai gudawa."

Ladi ta ƙura wa tafinta ido. "To ai na sa ruwa."

Inna ba ta yi musu da ita ba. Ta lakato man shafawa ta shafa mata a hannu biyu, ta barbaɗa garin gawayi a kai.

"Mu ɗauka wannan baƙin shi ne ƙwayoyin cuta. Wanke da ruwa mu gani."

Ladi ta zuba ruwa. Ruwan ya zame ya wuce, baƙin yana nan daram. Ta goge a rigarta, rigar ma ta yi baƙi. Ta sosa hanci, sai ga tabo a kan hancin. Yayanta Audu ya fashe da dariya.

"Yaya, ka daina!"

"Fatar kowa tana da maiƙo," in ji Inna, "a jikinsa datti da ƙwayoyin cuta suke maƙalewa. Ruwa ba ya kama maiƙo. Sabulu ne yake ɓamɓaro shi, ruwa kuma ya tafi da shi."

Ta jiƙa hannun Ladi, ta ba ta sabulu. Ladi ta murza tafi da tafi har kumfa ya tashi, ta juya ta cuɗa bayan hannu. Audu yana ƙirga mata a hankali. Yana kai 8 ta ce ta gama.

"Buɗe yatsunki."

Ashe baƙin ya ɓuya a tsakanin yatsu, da gindin babban yatsa, da ƙarƙashin farce. Sai ta sarƙe yatsu ta cuɗa, ta kama babban yatsa ta murza, ta kankare farce a cikin tafi. Audu ya kai 20.

Ladi za ta tsoma hannu cikin kwanon ruwa, Inna ta tare ta. "A'a. Idan kika tsoma, duk wanda ya zo bayanki zai kwashi abin da kika bari." Audu ya ɗaga buta yana zuba mata, baƙin ruwa yana gangarewa ƙasa. Ba ta goge a riga ba, ta kaɗa hannu har iska ta busar da shi.

Da dare aka kawo abinci. Audu ya miƙa hannu, Ladi ta riƙe masa wuyan hannu.

"Yaya, tashi. Yau ni zan ƙirga maka."

Idan za ku gwada a gida, ka lura da ƙirgar. Yara suna iya kaiwa 20 cikin numfashi ɗaya, alhali abin da ake so shi ne daƙiƙa 20 na cuɗawa da sabulu, ban da lokacin jiƙawa da ɗauraya. Gara babba ya ƙirga.

Tambayoyi

1. Yaya Ladi take wanke hannu a farkon labari?
2. Ta wace hanya ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin mutum?
3. Me ya sa ruwa kaɗai bai fitar da baƙin ba?
4. A waɗanne wurare uku baƙin ya ɓuya?
5. Don me Inna ta hana Ladi tsoma hannu cikin kwano?